Sunan wanda ya ba da kuɗi ko sunan unguwa?

A ce dattijo ya ba aikin yashe magudana kuɗin baro 5 da shebur 10. Sai a zo kan suna.

In aka kira aikin "Gidauniyar Alhaji Wane", kuɗi za su fi saurin shigowa. Amma ranar da leda ta toshe kwalbati, maƙwabta za su ce a kira yaran Alhaji. In kuma ya shiga siyasa, 'yan wata jam'iyyar za su janye hannu.

"Aikin Gayyar Layin Masallaci" ba ya jawo babban mai bayarwa. Sai dai ya faɗi layin da ake nufi, kuma kowa ya san gayya ba ta da albashi, don haka karɓar naira 200 daga kowane gida ba ya zama rigima. Ni na fi son wannan. Alhaji a gode masa a taro.