Na cire muryar mai sharhi da Audacity, ƙarar marina ta tsira

Akwai wani ɗan fim na minti goma sha biyu da na haɗa a kan marinar Ƙofar Mata a Kano. Kwanakin baya aka nemi a riƙa haska shi a bango wajen wani baje koli, ba tare da magana ba, sai dai motsin ruwan baba da ƙarar masu bugu. Fayilolin asali kuwa sun tafi da tsohuwar kwamfutata, abin da ya rage min kawai shi ne fim ɗin da aka gama haɗawa, murya da ƙarar wuri a cakuɗe.

Audacity na ɗauka, manhajar gyaran sauti, kasancewar kyauta ce. Dabarar ta dogara ne da abu ɗaya: muryar mai sharhi daidai take a kunnen hagu da na dama, ita kuwa ƙarar wuri, idan da makirufo mai kunne biyu aka naɗe ta, ta sha bamban a kowane ɓangare. Sai na raba sautin da Split Stereo to Mono, na zaɓi layi ɗaya na sa masa Invert, mai kifar da igiyar sautin, na haɗe su da Mix and Render. Duk abin da yake iri ɗaya a layukan biyu sai ya kashe juna. Wallahi da na kunna na ji muryar ta ɓace, ga shewar yara da ɗigar ruwa daga zane, sai da na maimaita sau uku.

Amma fa ba murya kaɗai ke tafiya ba. Mai bugun da ke zaune saitin makirufo shi ma a tsakiya yake, don haka nauyin bugunsa ya ragu, ya koma kamar ana ƙwanƙwasa faranti. Sakamakon kuma kunne ɗaya ne, wato sauti guda ke fita hagu da dama. Wani yanki da na naɗa da waya kuwa shiru ya yi tsit, layin ya miƙe sambal, domin hagu da dama abu guda ne tun asali. Duba ko hagu da dama sun bambanta shi ne gwajin da ya kamata mutum ya fara yi kafin ya ɓata lokacinsa.

Abin da ya fi cin min lokaci shi ne ramukan da suka rage a cikin sautin. Lokacin haɗa fim ɗin na rage ƙarar wuri duk inda mai sharhi ke magana, to da muryar ta fita sai sautin ya riƙa nutsewa yana tasowa. Da Envelope, abin ɗaga ko rage ƙara a wuraren da aka zaɓa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, amma ɗagawar ta fito da wani raɗa-raɗa a kan haruffan s da sh, ragowar matse fayil ɗin da aka yi. A lasifikar ɗaki ba a ji, sai an sa abin kunne. Wurare huɗu da suka ƙi gyaruwa, na yanko daƙiƙa ashirin daga inda mai sharhin ya yi shiru na shimfiɗa a kansu, haka na yi wa yankin wayar ma.