Ƙirga korafi ko auna kasonsa: wanne ya fi dacewa ya tayar da ƙararrawa?

"Ni ke kula da saƙonnin kwastomomi a wani kamfanin aika kuɗi ta waya. Manhajarmu tana ware tsokacin yabo da na korafi da kanta. Oga ya ce in sa ƙararrawa ta buga idan korafi ya kai 30 a awa ɗaya, wani abokin aikina kuma ya ce kaso ake dubawa. Wanne zan bi, kuma a ina zan tsayar da iyakar?"

Malama, kason za ki ɗora aikin a kai, amma kada ki yar da ƙirga gaba ɗaya, don akwai abin da ita kaɗai take gani. Bari mu ɗauka a ce a ranakun da komai ke lafiya, tsokaci ɗaya cikin goma ne korafi, sai mu gwada hanyoyin biyu a kan awoyi iri ɗaya.

Daren da kuka saka tallar garaɓasa, tsokaci 400 suka shigo cikin awa guda, 40 daga ciki korafi. Hanyar oga za ta buga, tunda an wuce 30. Amma 40 cikin 400 ai shi ne ɗaya cikin goman da aka saba, jama'a ne kawai suka yi yawa. Ga kuma asuba, tsokaci 20 kacal, 12 daga ciki suna cewa an cire musu kuɗi bai isa ba. Hanyar oga shiru za ta yi, alhali fiye da rabin masu magana kuka suke, kuma wannan ce awar da ya kamata a tashi injiniya daga barci. Tsayayyar lamba tana bin yawan jama'a ne, shi ya sa take yawan bugawa da yamma, ta yi kurum a lokacin da mutane suka yi ƙaranci.

Kaso ma ba a tsayar masa da lamba ɗaya, a ce idan ya kai kashi 20 cikin ɗari a buga. Idan tsokacin kaɗan ne, kaso yakan yi tsalle ba tare da wani dalili ba: mutum biyar suka yi magana, ɗaya ya yi korafi, ga kashi 20 nan. Saboda haka iyakar sai ta riƙa faɗaɗa idan tsokaci ya yi kaɗan, ta matse idan ya yi yawa. Lissafin tsoho ne, ya samo asali daga aikin da Walter Shewhart ya yi a 1924 kan gano lalatattun kaya a masana'anta:

```
iyaka = p + k * sqrt(p * (1 - p) / n)
```

A nan `p` shi ne kason korafin da aka saba, `n` yawan tsokacin wannan awar, `k` kuma gwargwadon tsananin da kika zaɓa. Idan `p` ya kasance 0.10, `k` kuma 3, awa mai tsokaci 20 sai an sami korafi 7 kafin ta buga, mai 200 sai 33, mai 400 sai 59. Kin ga daren garaɓasa ya wuce lafiya da 40 ɗinsa, asubar nan kuwa ta buga tun a korafi na bakwai.

Inda kaso yake kasawa shi ne idan yabo ya yi ambaliya. A ce gasar da kuka saka ta jawo tsokaci 1,000, kowa na rubuta "ina so", a tsakiyarsu kuma mutum 70 na cewa kuɗinsu ya maƙale. Kashi 7 ke nan, ƙasa da abin da aka saba, don haka kaso ba zai motsa ba. A nan ne ƙirga take da amfani, sai dai a maimakon 30 ta dindindin, ki kwatanta kowace awa da takwararta ta makonni huɗun baya, Juma'a ƙarfe tara da Juma'a ƙarfe tara, ki sa ta yi magana idan korafi ya ninka abin da aka saba sau uku. Ki tuna wannan ma'aunin yakan rikice da azumi, lokacin da hira take komawa bayan tarawihi da lokacin sahur, yayin da kaso bai cika damuwa da sauyin lokaci ba.

Game da `k`, ni a ganina tambayar da za ki kai wa oga ita ce: ƙararrawar banza nawa za mu iya jurewa a wata? Idan kina dubawa kowace awa, kusan sau 720 ke nan a wata. A bisa lissafi, `k` na 2 zai buga haka kawai kusan sau 16 a wata, na 3 kuwa kusan sau ɗaya. Kada ki raina wannan bambancin. Ma'aikacin da aka tasa sau uku a banza, na huɗu kashe sautin wayar zai yi, kuma ƙila na huɗun ne na gaske. A aikace ma ƙararrawar banza takan fi haka yawa, domin lissafin ya ɗauka kowane tsokaci zaman kansa yake yi, alhali mutum ɗaya mai fushi yakan rubuta sau takwas, wasu kuma su taya shi. Don haka mutane za ki ƙirga, kowa sau ɗaya a awa, ki kuma sa sharaɗin cewa sai aƙalla mutum biyar daban-daban sun koka, don kada biyu cikin uku na tsakar dare su tashi gari.

Daga nan sai gwaji a kan tarihinku. Ki ɗauko bayanan wata uku, ki zauna da waɗanda suka amsa kiran kwastomomi su nuna miki ranakun da matsala ta gaske ta auku. Ki gwada `k` na 2.5, 3, 3.5 da 4, ki rubuta matsala nawa kowanne ya kama, bayan awa nawa, da sau nawa ya buga a banza. Ki ɗauki mafi girman da bai bar wata babbar matsala ta wuce ba. Wajen lissafa `p` kuma ki cire waɗannan ranakun rikicin, in ba haka ba za su ɗaga ma'aunin, rikici na gaba ya zo ya zama kamar ba komai.

Duk wannan ya dogara ne da ingancin manhajar da ke ware tsokacin, kuma Hausarmu ta shafukan zumunta tana ba irin waɗannan manhajoji wahala. "Sannunku da ƙoƙari, kwana uku ke nan" gatse ne, amma za ta iya lissafa shi a yabo. Ranar da aka yi babban rashi kuma, ta'aziyya za ta cika shafi, ta ɗauke ta a matsayin korafi saboda kalmomin baƙin ciki. Idan manhajar da Turanci kaɗai aka horar da ita, ki nemi wadda aka horar da tarin bayanai irin NaijaSenti na 2022, wanda ya ƙunshi Hausa. Kowane mako ki zaɓo tsokaci 100 ba tare da tsari ba, ki karanta da idonki, ki ga nawa ta kuskure. Ranar da kuka sauya manhajar kuwa, sai kin sake lissafa `p` daga farko. Sannan ki tsara saƙon ƙararrawar ya zo da tsokaci goma daga cikin waɗanda suka tayar da ita, domin wanda ke bakin aiki ya gane cikin minti ɗaya ko ta'aziyya ce ko kuɗin mutane ne ya maƙale.