Fuskar Yaya ce, amma kunnuwan na ɗan Baffa ne

Jaka uku na biya, kuma har yau hoton yana cikin akwati, Inna ta hana a rataye shi.

Lokacin bikin ƙanwarmu a Birni, Yaya yana Agadas wurin aiki, bai samu zuwa ba. Da aka yi hoton dangi, ɗan Baffa ne ya tsaya a gurbinsa. Bayan biki na kai hoton wani shagon hoto kusa da kasuwar Dole, tare da hoton Yaya na katin ɗan ƙasa. Na ce wa yaron shagon ya cire wannan ya sa wancan. Ya ce, "Babban yaya, wannan ai aikin minti biyar ne."

Kuma minti biyar ɗin ya yi. Da na kalla a wayarsa har na ji sanyi a raina: idon Yaya, hancinsa, girarsa mai kauri, har yana murmushi, alhali a hoton katin fuskarsa a murtuke take. Nan take na ce a wanko babba.

Inna ta riƙe shi bai fi ƙiftawar ido ba ta ce, "Wannan ba ɗana ba ne. Yaushe ya yi ƙiba haka? Kuma ina zanensa?"

Sai a lokacin na duba da kyau. Abin da yaron ya yi musanyar fuska ce kawai. Manhajar tana nemo ido, hanci da gefen baki a hotunan biyu, ta ɗauki kamannin mutum daga ɗaya ta zana su a kan ɗayan, daga goshi zuwa haɓa. Iyakarta ke nan. Murmushin, juyin kai da hasken rana duk na ɗan Baffa ne, shi ya sa ya zauna daram. Amma kunnuwa, wuya, faɗin kumatu, hula, kafaɗa da hannuwa ma nasa ne. Yaya dogo ne siriri, kunnuwansa a kwance. A hoton ya koma gajere mai tumbi, kunnuwa a buɗe kamar hannun tukunya, ga zoben azurfar ɗan Baffa a yatsa. Launin fatar ma manhajar ta karkata shi wajen na mai jikin, don kada fuska ta saɓa da wuya.

Zanen kuncin ya fi ƙona min rai. Irin waɗannan manhajoji da yawa ƴar mitsitsiyar fuska suke haɗawa, sannan a bi ta da wata manhaja mai ƙara girma da gogewa. A wurin gugar nan tabo da tsaga suke ɓacewa, fatar ta yi sumul kamar ta ƴar tsana. A waya ba ka lura, sai an wanko a babbar takarda.

Na koma shagon da zafina. Gaskiya yaron bai yi gardama ba, ya ma zaunar da ni ya yi min bayani. Abin da nake nema, in ji shi, musanyar mutum ce gaba ɗaya: a goge ɗan Baffa daga hula har takalmi, a cike bangon da ya rufe, a yanko Yaya daga wani hoton da yake tsaye cikakke, a daidaita tsayinsa da inuwarsa da ta sauran. Ga kuma hannun ɗan Baffa a kafaɗar ango, shi ma sai an san yadda aka yi da shi. Hoton kati ba zai yi wannan ba, tunda a ƙirji ya tsaya. Na fito ina cewa yaron ya san aikinsa, laifina ne da ban kai hoton kirki ba.

A kan kabu-kabu ina hanyar gida haushin ya dawo. Tunda ya san duk wannan, me ya hana shi faɗa kafin ya karɓi kuɗina? Ya ga hoton kati da idonsa, ya ji na ce "cire wannan".

Amarya kuwa dariya take ta yi, wai da na ba ta da filta ta gyara kyauta. Ba abu ɗaya ba ne. Filta irin ta Snapchat ko TikTok yawanci hoto ɗaya take aiki a kai: ta bi fuskarka ta hasko fata, ta sa kwalli, ta rage hanci ko ta ɗora kunnen kare, amma kai ɗin ne dai. Da ta sa wa hoton nan, ɗan Baffa za mu samu, ya ƙara haske.

In jikinku ɗaya da wanda za a sa, kuma dukanku kuna kallon kamara sosai, ba tabarau ba amawalin rawani a baki, to ku je, hannun yaron yana da kyau. Ni dai na aika wa Yaya ya tsaya a rana da babbar riga, a ɗauke shi daga kai har ƙafa. Wani shagon zan kai.