Yaron da ya rubuta aibin gidana a ƙarƙashin hoto

Sashen baya na gidanmu da ke Yelwa, nan Garwa, ya yi wata huɗu ba ɗan haya. Ɗaki biyu ne da falo, da madafi da banɗaki a ciki, kuma da kuɗinsa nake biya wa yara makaranta tun rasuwar mahaifinsu. Dillalin farko da na ba wa ya ɗauki hotuna masu kyan gaske, ya rubuta "gida na zamani" a sama. Mutane sun yi ta zuwa, amma da an leƙa falo sai fuska ta canza. Wani malamin makaranta ya ce mini cikin ladabi, "Hajiya, ba wannan falon na gani a waya ba." Ya biya kuɗin mashin, ya biya dillali kuɗin ganin gida, ya koma hannu rabbana. Kunyar ranar ta daɗe tana damuna.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wani matashi mai sana'ar tallata gidajen haya a WhatsApp da Facebook. Farashinsa sefa dubu 10, rabi kafin aiki, rabi idan talla ta fita, kuma ba ya karɓar la'ada a hannun ɗan haya. Yau wata uku ke nan da na yi aiki da shi, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin yadda aikinsa yake.

Da ƙarfe 8 na safe ya zo, da waya da tef ɗin awo irin na magina. Kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya ya auna ɗakunan, sannan ya nuna mini dalilin da falona ya zama fili a hotunan farko. A kyamarar waya akwai lamba 0.5 da lamba 1. Idan aka danna 0.5, ɗaki yana buɗewa ya yi kamar ya ninka, kuma ana gane irin hoton ne da ƙofa ko taga ta gefe, domin za a ga ta miƙe ta yi faɗi ko ta karkace. Shi a kan 1 ya bar ta, ya tsaya a bakin ƙofa, waya daidai ƙirjinsa, tagogi a buɗe. Hoto tara kawai ya zaɓa, a jere yadda mutum zai shiga gidan da ƙafarsa, daga ƙofar waje zuwa banɗaki.

Rubutun ƙarƙashin hotunan ne ya kawo mana saɓani. A ƙarƙashin falo ya sa: "Falo, mita 4 da mita 3 da rabi, siminti ne ba tayil ba, akwai silin da fanka ɗaya." Wannan ban ce komai ba. Da ya zo ɗaki na biyu ya rubuta: "Tagarsa tana kallon yamma, yana ɗaukar zafi daga azahar zuwa magariba a Maris da Afrilu." Na ce masa, "Haba ɗana, wa zai kama ɗakin da mai shi ta ce tanda ne?" Ya ce, "Mama, duk wanda ya san zafin Garwa zai duba tagar nan ranar da ya zo. Idan a wajenki ya fara ji, zai yarda da sauran maganarki."

Na tsakar gida ya fi yi mini nauyi. An ɗauki hoton a Janairu, ƙasa a bushe, an share tas. Ya tambaye ni yadda wurin yake da damina, na gaya masa gaskiya, ruwa yana kwanciya a kusurwar rariya idan an yi mamakon Agusta, yakan kai rabin yini kafin ya janye, amma bai taɓa shiga ɗaki ba saboda dakalin yana da tsawo. Haka ya rubuta, har da watan da aka ɗauki hoton. Na kwana ina juya abin. Da safe na amince, domin ɗan hayan da ya tashi a bara kan wannan ruwan muka rabu, ya ce an ɓoye masa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Akwai abin da hoto ba ya iya nunawa, sai ya ɗauki hoton mitar wuta ya rubuta bayanin a ƙarƙashinsa: mitar sashen ce ita kaɗai, ta kati, ba a raba kuɗin wuta da kowa. Ruwan famfo kuwa mita ɗaya ce da ni, ana raba kuɗin bisa yawan mutane, kuma ya fi ƙarfi da asuba. A gidajen haya nan ne rigima take farawa, tun ba a je ga maganar kuɗin wata ba.

Bayan hotunan ya sa haya a fili, sefa dubu 35 a wata, za a ba da na wata uku a gaba, da kuɗin ajiya na wata ɗaya da za a mayar ranar tashi idan ba a ɓata komai ba. Jimilla dubu 140 ranar karɓar makulli. Ni da so na yi a ce "sai an zo a yi magana", ya ce hakan kira ɗari zai jawo mini, duk tambayarsu ɗaya.

Hanyar neman bayani ma ya tsara ta, kuma ita ce ta ba ni hutu. Mai so ya fara turo saƙo a WhatsApp, rubutu ko murya, ya faɗi mutum nawa za su zauna da watan da yake son shiga. A cikin yini guda za a ba shi amsa da lokacin zuwa, Asabar ko Lahadi bayan la'asar, lokacin da ƙanena yake gida. Sai an tsayar da lokaci ake ba da kwatancen ƙofa, a tallar unguwa kawai aka ambata. Ganin gida kyauta ne. Ba a tura ko dala ta Orange Money ko wata hanya kafin mutum ya shiga ya gani da idonsa, an kuma rubuta takardar haya gaban shaidu biyu.

Saƙo 19 suka shigo cikin kwana goma. Mutum biyar suka zo, ba wanda ya ce an ruɗe shi. Wanda ya kama, ma'aikacin jinya ne da matarsa da jariri, yana shigowa ya wuce kusurwar rariya ya duba, ya tambaya ko zan yarda a zuba tsakuwa mu raba kuɗin. Na yarda.

Inda ya gaza kuma zan faɗa. Tallar farko da Faransanci kaɗai ya fitar da ita, alhali yawancin masu neman gida a unguwarmu Hausa da Fillanci suke ji, wasu ma ba sa karatu. Sai da na yi magana ya ƙara rubutun Hausa da saƙon murya na Fillanci, kwana uku sun riga sun wuce. Kuskurensa na biyu ya fi muni. Bayan an kama gidan bai sauke tallar daga Facebook ba, bai kuma rubuta an kama ba. Mako biyu bayan nan wata baiwar Allah ta zo ƙofata, ta bi unguwa tana tambaya da hoton ƙofar a hannu, ta ce ta tura wa wani dubu 5 don ya riƙe mata sashen. Wani ne ya kwashe hotunan, ya cire bayanin, ya sa lambarsa. Da tun farko an buga lambar waya da kalmar "ganin gida kyauta ne" a jikin kowane hoto, da abin ya yi masa wuya.

Na kira yaron, ya zo a ranar, ya ba matar haƙuri, ya sauke tallar, ya kai ƙarar shafin ɓarawon. Kuɗinta dai ba su dawo ba. Ɗakin zaure zai fita haya bayan Sallah, kuma shi zan sake kira, da sharaɗin sauran rabin kuɗinsa sai ranar da ya sauke talla na gani da idona.