Kalandar bango ko manhajar kuɗi?

"Jama'a ina ɗinki a gida a Jidda, ina son tsara bidiyon talla. In sayi manhajar nan mai saka bidiyo da kanta ko in rubuta a takarda?"

'Yar uwa ki nemi kalandar bango mai kwanan Hijira da na Miladiyya tare. Tawa riyal 5 na saye ta a Bab Sharif, tana rataye saman keke duk ta sha biro, kuma wallahi ita ke riƙe min sana'a.

Daga Sallah nake ƙirgowa baya. Ni kaya biyu nake iya gamawa a rana in babu aiki a wuya, to na san 15 ga Ramadan dole in rufe karɓa. Kenan tallan Sallah a Sha'aban ake yinsa, ba cikin azumi ba. Sai in ja layi a kwana uku duk sati na saka bidiyo. Asabar yadi, in shimfiɗa atamfa ko leshi kusa da taga in juya shi a haske. Talata hannuna kan keke kawai, sakan 20, kusa-kusa har a ga yadda zare ke kwanciya a bakin hannun riga, shi ya fi kawo min tambaya, don mace mai idon ɗinki nan take dubawa. Alhamis kayan da aka gama, tunda Juma'a da Asabar hutu ne mutane na kwance da waya. Duka ukun safiya ɗaya nake ɗauka, ban da haka ranar da aiki ya taso ba za ki tuna da wani bidiyo ba. Mai farashi kuma ina ajiye shi zuwa wajen 27 ga watan Miladiyya, lokacin albashi ya shigo. Cikin azumi sai bayan tarawihi nake sakawa, da rana kowa barci yake.

Manhajar kam na biya wata uku, tana saka bidiyo a kan lokaci, iyakarta kenan. Na jera mata na wata guda na manta, ranar 25 ga Ramadan ta saki "ku kawo ɗinkin Sallah". Mutum shida suka kawo, kunya ta hana ni mayarwa, biyu sai bayan Sallah suka karɓa, ɗayar har yau ko sallamata ba ta amsawa. In ma jerawar kike so Meta Business Suite na yi kyauta a Instagram da Facebook.

Sannan ki kiyayi masu shigo miki suna cewa za su kawo mabiya dubu goma. Na bogi ne, alamar ita ce mabiya sun cika amma bidiyo ko kallo ɗari bai kai ba, babu mai tambayar nawa ne. Kuma kar ki saka kwastoma sai da izininta, a hanga nake rataye kayan in ɗauka.

Ki sayi kalandar, kuɗin manhajar ki ƙara ki sayi sandar riƙe waya.