Folarimita ta hannu, ta dijital, ko HPLC: wacce za ka saya don auna rabon inanshiyoma?

Duk wanda zai sayi folarimita, wato na'urar auna juyin haske, don ɗakin gwaji, ya fara ɗaukar biro da takarda kafin ya kira dillali. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne girman juyin da samfurinka zai bayar a cikin bututu, kuma ana iya lissafa wannan tun kafin a biya ko sisi.

Mu ɗauki aikin da ɗaliban kimiyyar sinadarai suka saba yi, wato raba feniletilamin. Wannan amin yana da siffofi biyu da ake kira inanshiyoma, R da S, masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, kowanne yana juya haske ta ɓangaren da ya saba wa ɗayan. Ana sayo shi gauraye, rabi R rabi S, don haka ba ya juya haske ko kaɗan. Sai a narkar da shi da asid tatarik mai juyawa dama a cikin metanol mai zafi, a bar shi ya huce. Gishirin S ne ke fara fitar da ƙanƙara saboda bai cika narkewa ba. A tace, a zuba masa ruwan soda mai ƙarfi, a tsamo amin ɗin. Sai dai tacewa ɗaya ba ta ba da S zalla, kullum akwai ɗan R da ya biyo. Tambayar da na'urar za ta amsa ita ce: nawa ya biyo?

Ga lissafin:

```
[α] = α / (l × c)
ee = ([α] / [α]₀) × 100
```

A nan α shi ne abin da ka karanta a na'ura, l tsawon bututu ne a desimita, c kuma giram nawa ne a kowace mililita. [α] juyin samfurinka ne bayan wannan lissafi, ee kuma ratar da inanshiyoma ɗaya ya ba ɗayan, a kashi cikin ɗari. [α]₀ juyin inanshiyoma zalla ne, wanda na S ɗinmu ya kai kusan −40.3 da hasken sodiyam na nanomita 589, in ba a sirka shi da komai ba. A ce ka cika bututu mai desimita 1 da amin ɗinka, ka karanta −30.3°. Tunda ba sirki, c shi ne nauyin mililita ɗaya na ruwan, kusan giram 0.94. Ka raba 30.3 da 0.94, ka sami −32.2. Ka raba wannan da 40.3, ka sami 0.80, wato ee kashi 80.

A nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa, su rubuta S kashi 80, R kashi 20. Ba haka ba ne. Wannan 80 ɗin rata ce, kamar ratar ƙuri'u tsakanin 'yan takara biyu. Ragowar kashi 20 da ba su juya hasken ba gauraye suke daidai wa daida, 10 na S, 10 na R, kowanne ya kashe juyin ɗan'uwansa. Saboda haka S yana da 80 da 10, wato 90, R kuma 10. A taƙaice, mai rinjaye (100 + ee) / 2 ne, ɗayan kuma (100 − ee) / 2.

To, ga wannan aiki folarimita ta hannu ta wadatar, irin wadda ake leƙawa da ido ana murɗa dabaran har ɓangarorin hasken su yi duhu iri ɗaya. Yawancinsu ana karanta su zuwa 0.05° ko 0.1°. Amin zalla zai ba da kusan 38° a bututun nan, don haka kuskuren 0.1° bai kai rabin kashi ɗaya na ee ba. Sashen da koyarwa ce a gabansa bai da dalilin kashe kuɗi fiye da haka, kuma ɗalibi yana ganin juyin da idonsa, abin da na fi so ke nan game da ita. Amma a duba fitilar. Ta sodiyam tana buƙatar mintuna kafin haskenta ya daidaita, kuma in aka ɗauke wuta sai an sake jira daga farko. Inda lantarki ba shi da tabbas, mai fitilar LED ta fi sauƙin sha'ani.

Labari yana canzawa in samfurin kaɗan ne. A ce abin da ka samu giram 0.1 ne kacal, juyinsa na zalla kusan +12 irin na asid tatarik, ka narkar da shi a mililita 10. Nan c ya zama 0.01, kuma ko da zalla ne, 0.12° kawai za ka gani. Kuskuren 0.05° a kan wannan ya haura kashi 40 cikin ɗari, ka ga duk ee ɗin da ka rubuta shaci-faɗi ne. Mai irin wannan aiki, kamar masu tsamo sinadarai daga ganye da saiwa, folarimita ta dijital yake bukata, wadda ke nuna 0.001°, tare da siririn bututu mai cin kusan mililita ɗaya. Ka tambayi dillali iyakar kuskuren na'urar a rubuce, domin yawan lambobin da ke kan allo ba shi ke nuna ingancinsu ba. Sannan ka nemi wadda ke daidaita zafin bututu da kanta. Alƙaluman littattafai an ɗauke su ne a 20° ko 25° na ma'aunin Salshiyas, ɗakin gwaji kuwa a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Akwai abin da kowace folarimita ba za ta iya ba, komai tsadarta. Jimillar juyi take bayarwa, ba ta san me ya jawo shi ba. In ragowar sinadarin da ka tsamo amin da shi bai gama ƙafewa ba, juyin zai ragu, ka zaci R ne ya yi yawa. Shi amin ɗin ma yana zuƙar iskar kabon in aka bar kwalbar a buɗe, sai ka ga farin ɓawo a bakinta, ruwan ya dishe. In kuma ɗan gishirin tatarik ko wani datti mai juya haske ya saura, lissafin zai karkace ta inda ba ka zata ba. Duk ranar da ee ya fito sama da 100, to ko dai akwai datti, ko ka yi kuskuren c, ko [α]₀ da ka ɗauko na wani ruwan narkarwa ne dabam. Ko samfurin tsaf yake, a 1969 Horeau ya nuna cewa a wasu sinadarai juyi ba ya tafiya daidai da ee, saboda ƙwayoyin suna maƙale wa juna a cikin ruwan.

Wanda ke son bambance 98 da 99.5, ko yake aiki da sabon sinadarin da ba a san [α]₀ ɗinsa ba, HPLC yake bukata, wato injin da ke tura samfuri cikin bututu don ya raba sinadaran da ke ciki, da bututun rabawa na musamman irin Chiralcel OD-H ko Chiralpak AD-H. Shi yana raba R da S, kowanne ya fito da tudunsa a allo, sai ka cire faɗin ƙaramin daga na babban, ka raba da jimillarsu, ka ninka da 100. Ko samfurin da bai kai miligiram ɗaya ba ma ya wadatar. In sashenku na da injin, bututun kaɗai za a saya. Sai dai babu bututu ɗaya da ke raba komai, don haka ka fara allura samfurin rabi-da-rabi ka ga tudu biyu masu faɗi ɗaya kafin ka yarda da shi. Kuɗin heksan da aisofurofanol masu tsabta kuma ba ya ƙarewa. In samfura kaɗan ne a shekara, aika su inda ake da injin ya fi arha.

Ranar da folarimita ta iso, kada ka sa hannu a takardar karɓa sai ka gwada ta. Ka daidaita sifili da ruwa zalla, ka narkar da giram 10 na sukari busasshe ka cike zuwa mililita 100, ka cika bututun ba tare da kumfar iska a hanyar haske ba. Juyin sukari +66.5 ne, don haka bututu mai desimita 2 zai nuna kusan +13.3°, mai desimita 1 kuma rabin haka. Ka kuma tabbatar da digiri take nunawa, domin waɗanda aka ƙera don masana'antar sukari da ma'aunin °Z suke zuwa.