Shuɗin hematoksilin da ruwan hodar iyosin: wanne ke kama me?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a karatun aikin lab, an fara nuna mana gilasan yankan naman jiki a madubin likita. Ni dai shuɗi da ruwan hoda kawai nake gani. Tsakanin hematoksilin da iyosin, wanne ke rina me, kuma me ya sa? Haddar ta ƙi zama."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ajiye haddar tukuna, domin abu ɗaya ne ke juya maganar gaba ɗaya, wato caji. Yankan naman da ke kan gilashi kaurinsa bai wuce maikuromita 3 zuwa 5 ba, kuma in ba a rina shi ba kusan fes yake kamar ruwa, haske na ratsa shi. Sai aka haɗa rini biyu masu caji kishiyoyin juna, kowanne ya je ya manne wa abin da ke jan sa.

Hematoksilin daga itace ake samun sa, wata bishiya ta yankin Kamfece a ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya. Shi kaɗai ba ya rini. Sai iskar oksijin ko wani sinadari ya nunar da shi ya koma hematin, sannan a haɗa shi da gishirin alminiyam, dangin alif ɗin nan da ake sa wa ruwan gulbi ya kwanta. Alminiyam ɗin ne ke riƙe rinin ya kuma ba shi cajin fozitif. Iyosin kuwa haɗin masana'anta ne, a shirye yake zuwa, kuma cajinsa negetif ne.

To mene ne mai cajin negetif a cikin ƙwayar halitta, da zai ja hematoksilin? DNA da RNA, saboda fosfet ɗin da ke jere a jikinsu. Shi ya sa niyukiliyos, inda DNA ya taru, yake fitowa shuɗi mai duhu, sau da yawa har ya karkata zuwa shunayya. Iyosin kuma furotin yake bi, domin a ɗan tsamin da ake rini a cikinsa yawancin furotin na ɗauke da cajin fozitif. Furotin kuwa ko'ina akwai shi: ruwan cikin ƙwaya da ke kewaye da niyukiliyos, zaren kolajin, naman tsoka. Duk waɗannan ruwan hoda ne, amma ba kala ɗaya ba. Jajayen ƙwayoyin jini sun fi kowa sha, suna fitowa ja mai sirkin ruwan lemo, tsoka na bi musu da hoda mai ƙarfi, kolajin kuma ya fi su haske. Gilashin da aka rina da kyau za ki iya rabe waɗannan ukun da ido. In duk sun zama launi ɗaya, iyosin ya yi yawa.

Ga inda sunaye ke rikita ɗalibai. Idan aka ce abu basofilik ne, ana nufin yana son rini mai halin bes, kishiyar asid, irin hematoksilin, wato abin shi kansa asid ne. Niyukiliyos basofilik ne domin cike yake da DNA, wanda asid ne. Ni ma sai da na sha jan biro a kan wannan kafin ya zauna mini.

Gilashin da na fi so in ɗora wa sabon ɗalibi shi ne na fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, domin launukan biyu suna cikin ƙwaya ɗaya. Nemi ƙwayoyin da suka yi da'ira kamar yankan lemo, tsininsu na kallon wani ɗan rami a tsakiya. Niyukiliyos yana can gindi, shuɗi kamar kullum. Amma dubi ruwan ƙwayar da ke kewaye da shi a gindin: shi ma ya yi shunayya, alhali an ce miki ruwan ƙwaya hoda ne. Dalili shi ne wurin cunkushe yake da raibosom masu ƙera sinadaran narkar da abinci, raibosom kuwa RNA ne ya fi yawa a jikinsu, sai hematoksilin ya kama su. Ki matsa zuwa tsinin ƙwayar, launi ya juye ya koma ja-ja mai ɗigo-ɗigo. Nan ne aka tara furotin ɗin da aka gama ƙerawa, a ƙulle cikin ƙananan jakunkuna yana jiran fita, iyosin ya same shi. Da launi kaɗai kin gano inda ake ƙira da inda ake ajiya. Saboda haka "shuɗi niyukiliyos, hoda sauran" rabin gaskiya ne. Shuɗi yana nuna inda DNA ko RNA suka yi yawa, hoda inda furotin ya rinjaya.

Da wannan ma'aunin ake gane mataccen nama. Ƙwayar da jini ya yanke mata tana rasa RNA, furotin ɗinta ya dunƙule, sai ta ƙara hoda fiye da maƙwabtanta. Niyukiliyos ɗinta ya tsuke ya yi duhu, ya farfashe, ko ya dusashe ya ɓace. Fili mai hoda zalla ba ɗigon shuɗi ko ɗaya, a inda ya kamata a ga ƙwayoyi, abin tsayawa ne a duba.

Akwai kuma abin da rinin biyu ba su samu ba. Kitse yana narkewa a alkohol da zailin tun lokacin da ake shirya naman shiga kakin farafin, don haka ƙwayar kitse rami ce fara, da siririn zobe na hoda, niyukiliyos a matse a gefe. Ruwan ƙasa-ƙasa da za ki gani a ƙasan fatar mutum kuwa launin melanin ne na kansa, ba rini ba.

Wajen aiki ma halinsu ya bambanta. Hematoksilin ake fara sawa, bayan an cire kaki a cikin zailin an sauko da yankan ta alkohol har zuwa ruwa. A irin hematoksilin da ake kira na Haris ana barin sa ya wuce kima, sai a tsoma gilashin 'yan daƙiƙu a alkohol mai asid kashi 1 cikin 100 ya zare rarar. A nan launin ja-ja ne, ba shuɗi ba. Sai an wanke da ruwan famfo ko ruwa mai ɗan amoniya yake juyewa shuɗi. In kin ga niyukiliyos ja-ja, wannan matakin aka gajarta. In kuma ya yi fari-fari, ya daɗe a asid. Iyosin a ƙarshe yake zuwa, kuma ba shi da riƙo. Alkohol mai ruwa-ruwa da ke bayansa yana zare shi, gilashi ya daɗe a ciki sai hodar ta koɗe. Haka nan in ba a ɗauraye amoniyar nan sosai ba, ta bi gilashi ta shiga kwanon iyosin, tsaminsa ya ragu, ya daina kama furotin. Wata rana a wani lab da na yi aiki, tire guda ya fito shuɗi fes ba hoda, muka yi ta zargin sabuwar kwalbar rini. Da aka auna kwanon, pH ya haura 6, alhali kusa da 5 ake son sa. Ɗigo kaɗan na asid ɗin asetik aka zuba, aka sake tsoma gilasan, hodar ta dawo.